Zama Ɗaya, Sabuwar Shadda Ta Yamutse

Ranar Sallah mutum yakan fito da shadda sabuwa fil, ya zauna ɗaukar hoto, hoton ya fito kaya duk sun tattare. Dalilin yana ga ɗinki da kuma yadin.

Tela a tsaye yake auna mutum. Da an zauna, gaban jiki daga ƙirji zuwa cinya sai ya gajarce, yadin da ya rasa wurin zuwa ya taru a ciki. Baya kuwa miƙewa yake, shi ya sa ƙafar wando ke ɗagewa. Shaddar auduga ba ta talewa, ga sitaci da bugu sun sandarar da ita, sai ta karye maimakon ta kwanta, ɗumin jiki da gumi su kafe karyewar.

In za ka bayyana wa mai zane ko mai gyaran hoto, faɗi inda kowane layi ya taso. Na zama daga kwatangwalo da bayan gwiwa yake bazuwa, ba ya miƙewa sambal. Layin da ya ratsa riga a miƙe, da wani ya gicciye shi, ninkin ajiya ne, guga ke cire shi. Na zaman a bar shi, don in aka share shi duka rigar kamar ta kwali take fitowa.