Minti uku kafin a kashe fitila: jawabin ɗaliba darakta ranar nuna fim ɗin kammala karatu

A makarantun koyon shirya fim, aikin ƙarshe na ɗalibin da ya karanci aikin darakta gajeren fim ne da shi zai jagoranta tun daga rubutun labari har zuwa haɗa hoto da sauti. Haka tsarin yake a Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, da makarantar NAFTI ta Accra da aka kafa a 1978, da sauran irinsu. Ranar da za a nuna fim ɗin, ɗalibar da ta shirya shi takan miƙe gaban zaure ta yi ɗan jawabi, sannan a kashe fitila. Jawabin ba ya cika wuce minti biyu zuwa huɗu. Mai magana a natse yakan furta kalma ɗari da ashirin zuwa ɗari da talatin a minti guda, don haka jawabin minti uku bai kai kalma ɗari huɗu ba, wato shafi ɗaya da 'yan layuka.

Wahalar jawabin tana cikin mutanen da ke zaune. A gaba akwai masu jarrabawa: malamin da ya duba aikin, wasu malaman sashe, sau da yawa kuma da malami ko ƙwararre da aka gayyato daga waje. Su suna riƙe da biro, kuma mai yiwuwa sun riga sun karanta rahoton da ɗalibar ta miƙa tare da fim ɗin. A bayansu akwai iyaye da ƙawaye da 'yan wasan da suka fito a fim ɗin, waɗanda kallo da taya murna suka kawo su. Idan ta yi magana da yaren aji, baƙi za su ɓace. Idan kuma ta mai da wurin taron biki, masu jarrabawa ba za su sami abin da za su kama ba.

Abin da masu jarrabawa ke nema a jawabin shi ne niyya. Ba a auna fim ɗin ɗaliba da kuɗin da aka kashe masa, domin kowa ya san aljihun ɗalibi. Ana auna shi ne da tazarar da ke tsakanin abin da ta nufa da abin da ya fito a allo. Saboda haka duk abin da ta faɗa kafin a kashe fitila ya zama mudun da za a auna ta da shi, kuma ita ce ta miƙa musu mudun da hannunta. Wadda ta ce fim ɗinta ya bankaɗo duk matsalolin matan Arewa ta ɗauki alƙawarin da minti goma sha biyar ba zai iya cikawa ba. Wadda ta ce ta so ta ga ko za a iya riƙe mai kallo a ɗaki ɗaya ba tare da kiɗa ba ta faɗi abin da za a iya dubawa a allo a ce ya yiwu ko bai yiwu ba.

A ɗauki misalin ɗalibar da ta shirya fim na minti goma sha huɗu a kan wata matashiya da ke zaman takaba, wata huɗu da kwana goma, a gidan surukanta. An ɗauki fim ɗin cikin kwana biyar a gida guda. Ɗalibar ta yanke shawara biyu tun kafin a fara: kyamara ba za ta taɓa fita daga gidan ba, kuma ba za a sa kiɗa ko kaɗan ba. Duk abin da ke faruwa a waje, kunne ne kawai zai kawo shi: kiran salla, tallan yara, ƙarar babura, guɗar wani biki a maƙwabta.

Jawabinta zai fara da sallama da gaisuwa bisa girma: shugaban sashe, malamai masu jarrabawa, sannan iyaye da baƙi. Wannan bai kamata ya ci fiye da daƙiƙa ashirin ba. A nan ne jawabai da yawa ke lalacewa, domin al'adar taro takan ja mutum ya lissafa kowa da muƙaminsa, kafin ya ankara rabin lokacin ya tafi. Daga nan sai ta faɗi sunan fim ɗin da tsawonsa da harshensa, ta kuma ce akwai fassara a rubuce a ƙasan allo, idan akwai baƙin da ba sa jin Hausa.

Sai tsakiyar jawabin, inda ya kamata ta fi daɗewa. Za ta iya cewa: “Na taso ina ganin mata suna zaman takaba, amma kullum daga bakin ƙofa nake ganinsu, in gaishe su in wuce. Na so in san yadda kwanakin suke daga cikin ɗakin. Shi ya sa kyamarar ba ta fita waje, kuma ba za ku ji kiɗa ba. Abin da ita take ji, shi za ku ji.” Waɗannan jimloli huɗu sun yi wa ɓangarorin biyu aiki. Mahaifiyar da ke zaune a baya ta gane abin da ake nufi sarai. Malamin da ke gaba kuma ya ji an ambaci matsayin kyamara da tsarin sauti, ya san zaɓi ne aka yi da gangan. Da ba ta faɗa ba, zai iya zaton rashin kuɗin lokeshin ne ya tsare ta a gida ɗaya, rashin mawaƙi kuma ya hana kiɗa.

Abin da ba ta faɗa ba ma yana da nauyi. Ba ta ba da labarin fim ɗin ba, ba ta ce matar za ta yi kaza a ƙarshe ba, ba ta kuma ce tulun da ya fashe a tsakar gida alama ce ta rayuwar da ta tarwatse ba. Malaman fim suna ƙin irin wannan fassarar, kuma suna da gaskiya: in hoton ya isar da saƙon, bayanin ya zama maimaici, in kuma bai isar ba, bayanin ya tona asirin gazawarsa. Akwai hanya mai sauƙi ta gwada kowace jimla. Idan mai kallo zai gano abin da kansa cikin minti goma sha huɗu masu zuwa, a cire ta. Idan kuwa ba zai taɓa sani ba sai an gaya masa, kamar dalilin da ya sa aka yi fim ɗin ko ƙa'idar da darakta ta ɗora wa kanta, a bar ta.

Batun aibin fim ya fi kowanne rikitar da ɗalibai. A misalin nan, a ce rana ta uku injin markaɗen maƙwabta ya yi ta ruri daidai lokacin da ake ɗaukar hirar matar da surukarta, sautin ya lalace, dole aka dawo da 'yan wasan biyu ɗakin naɗar murya suka maimaita maganarsu. Sakamakon haka, a wurare biyu leɓe da murya ba su haɗu daidai ba, kuma muryoyin sun fito tsaf babu amon ɗaki, saɓanin sauran fim ɗin. Zuciya za ta raya wa ɗalibar ta ba da haƙuri tun kafin a fara. Kuskure ne. Baƙi da yawa ba za su lura ba sai an nuna musu, kuma da zarar an nuna musu, sai su bar kallon fuskar matar su koma gadin leɓenta. Masu jarrabawa kuwa za su ji shi ko an faɗa ko ba a faɗa ba, kuma wurin maganarsa shi ne zaman tambayoyi bayan an kunna fitila. A can ne ake son ta ce ta san matsalar, ta faɗi sanadinta, ta kuma faɗi abin da ya kamata ta yi: ta naɗi amon ɗakin na minti guda babu mai magana don a shimfiɗa shi ƙarƙashin muryoyin, ko ta je gidan kwana ɗaya kafin ɗauka ta saurari unguwar a irin wannan sa'ar. Ɗalibar da ta iya gano ciwon aikinta takan sami maki a kan ganowar. Abin da ya halatta a faɗa kafin nuni shi ne gargaɗin da mai kallo ke buƙata, kamar in akwai jini ko walƙiyar haske mai ƙarfi ko abin da bai dace da yara ba.

Godiya tana zuwa a ƙarshe, kuma a gajarce, domin sunaye duka suna cikin rubutun da ke tafiya a ƙarshen fim. Amma ba a tsallake ta. A yawancin makarantu 'yan aji ne ke riƙe wa juna kyamara da makirfo, wani lokaci ma mai ɗaukar hoton ana ba shi nasa makin a kan wannan fim ɗin. Darakta da ta yi ta cewa “na yi, na yi” ba ta ambaci mai hoto da mai sauti da mai haɗawa ba, ta nuna ba ta fahimci sana'ar ba. Ya dace kuma a ambaci mutanen gidan da suka ba da aron ɗakinsu kwana biyar. Idan fim ɗin na gaskiya ne, wanda aka ɗauki mutane a ainihin rayuwarsu, sai ta ƙara da cewa sun amince, ta kuma faɗi ko sun riga sun kalla, domin tambayar izini na daga cikin waɗanda masu jarrabawa ba sa mantawa da su.

Wajen gabatarwa, karanta takarda kai a sunkuye yana kashe jawabin, haddace shi kalma da kalma kuma yana da haɗari, domin in jimla ɗaya ta kuɓuce sauran sukan bi ta. Abin da ya fi shi ne ɗan kati mai ɗauke da gaɓoɓi huɗu ko biyar, da gwaji da agogo a gaban wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba. In aka tambaye shi me ya fahimta ya ba da labarin har ƙarshe, an faɗi abin da ya wuce kima.

Rubutun jawabin ba ya ƙarewa a wannan rana. Bukukuwan fina-finai sukan nemi ɗan taƙaitaccen bayanin darakta tare da fim, kuma akwai waɗanda ke karɓar aikin ɗalibai musamman: bikin FESPACO na Ouagadougou yana da sashen fina-finan makarantun Afirka, bikin Cannes kuma ya buɗe sashen fina-finan ɗalibai tun 1998. Fim ɗin kammala karatu na Lynne Ramsay 'yar Scotland, Small Deaths, ya ci kyauta a gasar gajerun fina-finai ta Cannes a 1996, Abderrahmane Sissako na Mauritaniya kuma da fim ɗin kammala karatunsa a Moscow, Le Jeu, aka fara saninsa. Idan aka cire gaisuwa da godiya daga jawabin ɗalibar, jimlolin tsakiyar nan, na dalilin yin fim ɗin da ƙa'idar kyamara da ta sauti, su ne za ta tura a matsayin wannan bayanin.