Daga Ba da Labari Zuwa Nazari

Ɗalibin kasuwanci ya rubuta a rahotonsa: "Kamfanin simintin Ɗangote yana da babbar masana'anta a Obajana, jihar Kogi, dab da inda ake haƙo dutsen yin siminti." Gaskiya ne, amma labari kawai ya bayar. Malami zai tambaya: to, sai me?

Nazari yana farawa ne idan an auna bayanin da wani mizani. A 1979 Michael Porter ya fayyace abubuwa biyar da ke tantance zafin gasa a kasuwa. Ɗaya daga ciki shi ne barazanar sababbin shiga. Da wannan ɗalibin zai ɗora: duk mai son goga kafaɗa da Ɗangote sai ya zuba jari mai yawa, ya kuma samu izinin haƙar dutse. Ke nan ƙofar shiga a ƙuntace take, abin da ke rage matsin lamba kan farashi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwafo ma'anar mizanin a shafi guda, labarin kamfanin a wani. Gwajin mai sauƙi ne: goge sunan Porter. Idan hujjar ba ta girgiza ba, ado aka yi da shi.