Kwali a Hannu, Wasa a Intanet: Abin Dubawa Kafin Sayen Wasan Bidiyo

A shekarun baya, idan mutum ya sayi wasan bidiyo a cikin kwalinsa, to ya sayi wasan ke nan ɗungurungum. Ya je gida, ya zura faifai a na'ura, ya hau wasa. Yau kuwa lamarin ya sake fuska. A shekarar 2022, da aka fito da wasan Call of Duty: Modern Warfare II, waɗanda suka binciki faifansa na PlayStation 5 sun tarar da bayanan da ke ciki ba su wuce megabait 72 ba, alhali faifan zai iya ɗaukar gigabait 100, wato megabait dubu ɗari. Sauran wasan duk sai an sauke shi daga intanet.

Dalili na farko da ke jawo haka shi ne girma. Faifan DVD na ɗaukar gigabait 4.7, ko 8.5 idan mai hawa biyu ne. Faifan Blu-ray da PlayStation 4 ke karantawa na ɗaukar gigabait 50. To, manyan wasannin zamani, saboda kyawun hotuna da yawan muryoyi cikin harsuna daban-daban, sukan zarce wannan. Kamfani yana da zaɓi: ko ya buga faifai biyu, kamar yadda aka yi wa Red Dead Redemption 2 a 2018, ko ya sa wani ɓangare a faifai ɗaya ya bar wa mai saye ya sauke ragowar. Hanya ta biyu ta fi masa araha.

Sai kuma batun lokaci. Dole a miƙa wasa ga masana'antar buga faifai makonni kafin ranar fitowa, domin a buga, a sa a kwali, a yi jigilarsa zuwa ƙasashe. A cikin waɗannan makonni masu tsara wasan ba su daina aiki ba. Duk gyaran da suka yi bayan an buga faifai ta intanet zai iso. Wani lokaci gyaran ƙarami ne, wasa zai gudana ko babu shi. Wani lokaci kuwa abin da ya rage ya fi abin da aka buga yawa. Alal misali, kwalin Spyro Reignited Trilogy na 2018 ya yi alkawarin wasanni uku, amma a bugun farko na ɗaya kaɗai ne cikakke a faifai.

A na'urorin Switch na Nintendo matsalar kuɗi ce ta fi fitowa fili, domin su ba faifai suke ci ba, ɗan kati ne mai ƙwaƙwalwar ajiya a cikinsa. Faifai roba ce da ake bugawa da ɗan kuɗi kaɗan, shi kuwa kati tsadarsa na ƙaruwa gwargwadon abin da yake ɗauka. Shi ya sa wasu kamfanoni ke sayen ƙaramin kati su sa rabin wasa, wasu ma su bar katin gaba ɗaya, su saka 'yar takarda mai ɗauke da lambar saukewa a cikin kwali.

Ya kamata mai karatu ya bambanta wannan takarda da wani sabon salo da ya zo tare da na'urar Switch 2 a watan Yuni na 2025, wanda Nintendo ta raɗa wa suna Game-Key Card. Wannan kati ne na gaske, ana zura shi a na'ura, amma babu wasa a cikinsa. Mabuɗi ne kawai. A karon farko na'ura za ta sauke wasan daga intanet, daga nan kuma ba za ta buɗe shi ba sai katin na ciki. Da yake ba a ɗaure shi da asusun kowa ba, ana iya ba da aronsa ko a sayar. Ita kuwa lambar takarda sau ɗaya take aiki. Da zarar an shigar da ita ta manne wa asusun wanda ya shigar, kwalin ya zama fanko. Don haka a ganina sayen irin wannan kwali a hannun wanda ya riga ya buɗe shi jefa kuɗi ne a rijiya.

Bari mu yi lissafi, mu ga abin da saukewar ke nufi. A ce wasa na buƙatar gigabait 50. Kamfanonin sadarwa da megabit suke auna gudun intanet, kuma kowane bait ɗaya bit 8 ne. Gigabait 50 megabait 50,000 ne. Idan aka ninka sau 8 ya zama megabit 400,000. Layin da ke kawo megabit 10 a kowace daƙiƙa zai ɗauki daƙiƙa 40,000, wato sa'a 11 da 'yan mintoci. Wannan fa idan gudun bai ragu ba kuma ba a ɗauke wuta ba. Ga wanda ke sayen data a waya, kuɗin gigabait 50 ɗin nan ƙari ne a kan farashin da ya biya a kanti. Sannan wajibi ne rumbun ajiyar na'urar ya kasance da fili da zai ɗauke su.

To, yaya za a gane tun kafin a biya? A fara da gaban kwali, sama da ƙasa. Kwalin Game-Key Card yana da farin layi a ƙasansa, da hoton mabuɗi, da yawan gigabait ɗin da za a sauke. A sauran kwalaye a nemi kalmomin "download code", ma'ana lamba ce kurum a ciki. Idan aka ga "download required", akwai faifai ko kati amma bai cika ba. Daga nan a juya baya, a karanta ƙananan rubutun da yawanci ido ke tsallakewa. A can ake faɗin yawan filin ajiya, da ko wasan na buƙatar intanet. Nan ma akwai bambanci, domin wani wasan sau ɗaya yake buƙatarsa, wani kuwa kullum. Wasan tseren mota The Crew yana cikin na kullum, kuma da aka rufe na'urorin kamfanin da ke ɗauke da shi a ƙarshen Maris na 2024, faifansa ya daina amfani duk da cewa ko ƙarzanewa bai yi ba.

Idan lamba ce a ciki, akwai abu biyu da za a ƙara dubawa. Na farko yanki: lambar PlayStation da aka buga domin Amurka ba ta karɓuwa a asusun da aka buɗe da sunan wata ƙasar Turai, kuma wasannin da ke kasuwanninmu daga yankuna dabam-dabam ake shigo da su. Alamar da ke nuna shekarun masu wasa tana taimakawa wajen gane asalin kwali, ESRB ta Amurka da Kanada ce, PEGI ta Turai. Na biyu wa'adi: wasu lambobin suna da ranar ƙarewa a rubuce, kuma kantin intanet ɗin kansa yana iya rufewa. A 2023 Nintendo ta daina sayar da wasanni da karɓar lambobi a kantunan 3DS da Wii U, saboda haka duk lambarsu da ba a shigar ba kafin lokacin ta tashi a banza.

Rubutun kwali ba kullum yake faɗin komai ba. Akwai masu sa-kai da ke gwada faifai a na'urar da ba a haɗa da intanet ba su bayyana sakamako, irin su DoesItPlay, ana iya neman sunan wasa a wurinsu. Idan kuma wasan na hannu ne, mai saye na iya yin gwajin da kansa a shagon: a cire na'urar mai shago daga intanet, a tabbatar ba a taɓa sauke wasan a cikinta ba, a zura faifan. Idan na'ura ta gama kwafe bayanai cikin 'yan daƙiƙoƙi sannan ta nemi a haɗa ta da intanet, to wasan ba ya cikin faifan.