Sakan 20, shot 6: Yadda ake zana tallar fim kafin a kunna kyamara

WAƊANDA suka yi zamanin kaset ba za su manta da yadda tallar fim take ba. Kafin a kai ga ainihin fim ɗin da aka saya, sai an sha tirela iri-iri, ga waƙa, ga faɗa, ga mai shela yana ta jero sunayen 'yan wasa tun daga jarumi har ɗan aike. Mai kallo yana zaune, ba inda za shi. To, yanzu zance ya sauya. Tallar ta koma waya, kuma ɗan yatsa ɗaya ya isa a ture ta gefe. Furodusan da ya zuba dukiyarsa a fim yana iya samun sakan 20 kacal don ya shawo kan mai kallo, in ya yi wasa da su kuma sai dai wani ba shi ba.

Dabarar da ke hana ɓarnar waɗannan sakan ita ce zanen labari, wanda 'yan fim ke kira sitoribod. Ba sabon abu ba ne. A kamfanin Walt Disney da ke Amurka aka raya shi a farkon shekarun 1930, inda ake zana kowane shot a takarda daban, a manna a allo a jere. A Indiya ma, darakta Satyajit Ray da hannunsa ya zana fim ɗinsa na farko, Pather Panchali, wanda ya fito a 1955. Amfanin abin ɗaya ne: kuskuren da aka yi a takarda gogewa ake yi, amma wanda aka yi a lokeshin da kuɗi ake biyan sa.

Gida shida, doka ɗaya

Aikin yana farawa da farar takarda guda, a raba ta gida shida. Kowane gida shot ɗaya ne, wato abin da mai kallo zai gani daga yanka zuwa yanka. A cikin gidan ana zana hoto ɗaya, a ƙarƙashinsa a rubuta magana ɗaya, a gefe a sa adadin sakan. Ba sai darakta ya iya zane ba. Da'ira ta isa kai, sanda ta isa jiki, kibiya ta nuna inda mutum yake kallo ko inda ya nufa.

Me ya sa shida? In aka raba 20 gida shida, kowane shot zai samu sakan uku da ɗoriya. Wannan ya ishi ido ya gane hoto, kunne ya kama gajeruwar jimla. In aka kai shot goma sha biyu, magana ba za ta samu wurin zama ba. In aka tsaya a uku, tallar za ta yi nauyi kamar an daskarar da kaset. Sai dai ba a raba lokacin daidai wa daida, domin wani hoton nan take ake gane shi, wani kuwa sai an ba shi numfashi.

A ce ga wani fim

Alal misali, a ce furodusa yana da labarin wata mata da aka ce mijinta ya rasu a tafiya. An yi zaman makoki, ta yi takaba, shekaru sun shuɗe. Ranar da za a ɗaura mata sabon aure, sai ga mijin ya dawo. Fim ne na awa biyu, amma tallar tambaya ɗaya za ta dasa a zuciyar mai kallo: matar wa ce yanzu?

Gida na farko, sakan 2. Ɗaukar kusa: ƙafa duk ƙura, cikin yagaggen takalmi, tana saukowa daga mota a tasha. Mai shela ya ce: "Shekara bakwai." Ba a nuna fuska ba, kuma da gangan ne. Mai kallo zai tsaya don ya ga ko ƙafar wane ne.

Gida na biyu, sakan 3. Ɗaukar kusa: hannuwan amarya da lalle, ta damƙe gefen mayafi. Muryar mahaifiyarta daga gefe: "Mamaci ba ya dawowa, 'yata." Nan mai kallo zai haɗa ƙafar da ya gani da mamacin da aka ambata, ba tare da wani ya yi masa bayani ba.

Gida na uku, sakan 4. Ɗaukar nesa: taron ɗaurin aure a ƙofar gida, dattawa a kan tabarmi, liman a tsakiya. Waliyyi ya ce: "Mun ba ku ita, bisa sadaki lakadan." An ba wannan shot lokaci mai tsawo ne saboda mutane da yawa ke ciki, ido yana bukatar ya zagaya kafin ya gane wurin.

Gida na huɗu, sakan 3. Daga bayan matafiyin, jaka a kafaɗarsa, taron yana gabansa. Ya ce: "Auren wa ake ɗaurawa?"

Gida na biyar, sakan 4. Fuskar amarya ta cika hoton, ta ɗago kai a hankali. Ta ce: "Inna, na san muryar nan." Maganar ba za ta ci fiye da sakan biyu ba. Sauran biyun shiru ne, kuma wannan shirun shi ne cinikin tallar gaba ɗaya.

Gida na shida, sakan 4. Sunan fim a kan baƙin allo. Mai shela ya faɗi sunan da ranar fitowa, shi ke nan. Jerin 'yan wasa da godiya ga iyayen gida sai a fosta.

In aka tara, 2 da 3 da 4 da 3 da 4 da 4 sun ba da 20 cif. Ga mai tace hoto, in an yi ɗaukar a kan firem 25 a kowane sakan, tallar duka firem 500 ce: gidan farko 50, na biyu da na huɗu 75 kowanne, sauran ukun 100 kowanne. Da wannan lissafi a hannu, ba sauran gardamar "ɗan ƙara min kaɗan" a ɗakin tacewa, domin duk firem ɗin da aka ƙara wa wani gida, daga wani gidan aka yago shi.

Inda ake yin tuntuɓe

Kuskure na farko shi ne cusa hoto biyu a gida ɗaya. Gane shi ba wuya: in bayanin hoton yana ɗauke da kalmar "sannan", to an yi cushe. A gida na uku, darakta zai so ya rubuta cewa ana raba goro, sannan kyamara ta juya kan maroƙi, sannan ta dawo kan liman. Wannan shot uku ne suka sa riga ɗaya. In aka yi shi a sakan 4, kyamara za ta yi ta wulgawa, mai kallo bai ga goron ba, bai ga liman ba. Dole a zaɓi ɗaya, kuma wanda labari yake bukata shi ne taron da liman.

Na biyu shi ne maganar da ta fi ƙarfin lokacinta. A ce marubuci ya fara rubuta wa uwar amarya: "Haba 'yar nan, ki daina kuka mana, ai wanda ya mutu ba ya dawowa, ki rungumi ƙaddara." Magana ce mai daɗi a cikin fim, amma a talla za ta cinye sakan shida ko fiye, kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin. Ba a auna wannan da ido. Ana karanta jimlar da baki ne, da irin saurin da 'yar wasan za ta faɗe ta, agogon waya yana tafiya. Ya kamata maganar ta ƙare, a bar kamar rabin sakan kafin yanka. In sai an yi gudu kamar mai sanarwar cigiya kafin ta shiga, a rage kalmomi.

Na uku shi ne magana ta maimaita hoto. In an nuna taron ɗaurin aure, mai shela kuma ya ce "Ana ɗaurin aure", an yi asarar jimla guda cikin shida. Hoto ya faɗi nasa, magana ta kawo abin da ido ba zai gani ba. Ƙafa mai ƙura ta nuna tafiya, "Shekara bakwai" ta faɗi tsawonta.

Na huɗu ya shafi kibiyoyin nan. In matafiyi a gida na huɗu yana fuskantar dama, to amarya a gida na biyar ta ɗago tana duban hagu, don ido ya ji kamar sun fuskanci juna. In dukansu suka dubi gefe guda, sai ya zama kamar wani mutum na uku suke kallo.

Haka nan a yanke shawarar siffar hoton tun kafin a ja layi. In tallar ta TikTok ce ko sitatus na WhatsApp, gidajen a zana su a tsaye, 9:16. In ta YouTube ce ko talbijin, a kwance, 16:9. Taron gida na uku da ya yi kyau a kwance, in aka datse shi ya koma tsaye, rabin dattawan sun fita, wataƙila har da waliyyin da ke magana. Rubutun gida na shida kuma a ajiye shi a tsakiya, saboda ƙasan allo da gefen dama nan rubuce-rubuce da maɓallan TikTok suke rufewa.

Gwaji kafin a kira 'yan wasa

Da an gama zane, sai a ɗauki hoton kowane gida da waya, a jera su a manhajar tace bidiyo, kowanne da sakan ɗinsa, a naɗi maganganun da muryar duk wanda ke kusa. A nuna wa wanda bai san labarin ba, sau ɗaya tak, a tambaye shi abin da ya faru. In ya ce mijin da ake zaton ya mutu ne ya dawo ranar auren matarsa, zane ya yi. In ya ce wai baƙo ne ya zo biki, to gida na biyu bai yi aikinsa ba. A sake nuna wa wani ba sauti, domin da yawa a haka suke kallo a waya. In ma'ana ta ɓace, a rubuta maganganun a jikin hoton.

A lokeshin ba a bin jerin takardar. Gida na uku da na huɗu wuri ɗaya ne, a ɗauke su tare kafin inuwa ta juya. Na biyu da na biyar ɗaki ɗaya ne, haske ɗaya, mayafi ɗaya. Tasha ta zo a ƙarshe. Mai kula da kwantiniti ya duba cewa takalmi da wandon da suka sauko daga mota su ne suka iso wurin taro.

Wannan tsari yana da iyaka. Bai dace da tallar waƙa ba, domin can kiɗa ne ke faɗin inda za a yanka. Kuma tambaya ɗaya kawai yake iya ɗauka. Fim ɗin da ke da kishiya, da gado, da ɗan da ya ɓata, sai furodusa ya zaɓi wanda zai sayar, ko ya ɗauko takarda uku ya zana talla uku.