Kuɗin da Ke Aljihu Ba Duka Ne Naka Ba

Daga Disamba, idan tumatirin noman rani na Kadawa da Kura ya fara sauka a kasuwar 'Yankaba ta Kano, samari da yawa kan kafa tebur a unguwa su shiga sana'ar kayan miya. Mu ɗauki ɗaya daga cikinsu ya zama misali, mu bi lissafinsa har ƙarshen kaka. Kawunsa ne ya ba shi jarin naira 100,000.

Kullum da asuba yakan saro kwando biyu a kan naira 30,000, ya kasa su kashi-kashi. Kafin magariba aljihunsa ya tara 38,000, kuma wannan adadin yake faɗa wa abokansa idan sun tambaye shi kasuwa. In ya yi lissafi da kyau a ganinsa, sai ya cire kuɗin sari ya ce ya ci ribar 8,000. Saboda haka bai ga laifin zarar 7,000 a rana ba, ya ci abinci, ya sa kati, ya taimaka da cefanen gida.

Wata bai cika ba, ya wayi gari kuɗin hannunsa da ƙyar suka kai na kwando biyu. Ba a yi masa sata ba, kasuwa kuma ba ta tsaya ba. Kawun ya zaunar da shi ya ce, “Ɗana, ciniki ka yi ta ƙirgawa. Faɗa mini abin da kake biya kafin tumatirin ya hau tebur.”

Da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga la'adar dillali 500, ɗan dako 600, mai adaidaita sahu 1,500, leda 500, kuɗin wurin zama 400. Sun tashi 3,500 kullum. Ribarsa ta gaskiya ke nan 4,500, shi kuwa yana kashe 7,000. Ragowar 2,500 ɗin daga uwar kuɗi take fita. A kwana 26 ya cinye 65,000 daga jarin da aka ba shi.

Abin da ke sa irin wannan ɓarna ta ɓuya shi ne kuɗin kayan gwari kullum juyawa suke yi. Muddin akwai na sarin gobe, mutum ba ya jin komai, alhali ajiyar da ke bayansa tana zagwanyewa. Ƙananan kuɗaɗen nan kuma ba a lokaci ɗaya ake biyan su ba, ɗari biyar nan, ɗari shida can, shi ya sa zuciya ba ta riƙe su. A ganina babu abin da ya fi cutar da sabon ɗan kasuwa irin aljihu ɗaya da ake zuba ciniki a ciki, a kuma ci abinci daga cikinsa.

Daga ranar ya sayi littafi. Kowane dare yakan ware kuɗin sari da na ɗawainiya ya ɗaure su daban, abin da ya saura shi ne nasa. Wanda ya karɓi kaya bashi, ba ya sa shi a lissafi sai kuɗin sun shigo hannu.

Littafin ne ya nuna masa abin da bai taɓa zato ba. A Fabrairu tumatir ya yi yawa, kwando biyu suka koma 16,000. Cinikinsa ya sauka zuwa 25,000, har ya fara cewa kasuwa ta mutu. Amma da ya cire 16,000 da 3,500, sai ya ga 5,500 sun rage, fiye da ribar lokacin da yake alfahari da 38,000.

Da zafi ya shigo a Afrilu, kaya suka yi ƙaranci, kwando ɗaya ya kai 40,000. Ciniki ya haura 44,000, adadin da bai taɓa riƙewa ba a yini guda. Sai dai tumatirin zafi ba ya jira. Na saman kwando jajir yake, da tauri, amma in ka kai hannu ƙasa sai ka ji ruwa, rabinsa ya fashe, dole a sayar wa masu abinci a wulaƙance. Ga gyara da masu saye ke nema saboda kashin ya ƙanƙance. Bayan ɗawainiyar 3,000, abin da ya rage masa naira 1,000 ne kacal, a kan kuɗi 43,000 da ya jefa cikin haɗari tun asuba. Kwando ɗaya ya lalace gaba ɗaya, ribar kwana 43 ta tafi.

Da ya nuna wa kawunsa shafin, sai suka yanke shawarar ya dakata da tumatir, ya mayar da abin da ya rage na jarin kan albasa da busasshen barkono, waɗanda ke iya kwana a tebur, har zuwa sabuwar kaka.