Dariya a Wurin Makoki

Muhammad Ali ya rasu ranar 3 ga Yuni, 2016, yana da shekara 74. An yi masa sallar jana'iza a Louisville ranar 9 ga wata, cikin natsuwa kamar yadda addini ya tanada. Washegari aka yi taron tunawa da shi, inda ɗan wasan barkwanci Billy Crystal ya hau mumbari ya kwaikwayi muryar marigayin, zauren ya kece da dariya, har da iyalansa.

Me ya sa ba a ga rashin kunyarsa ba? Tun 1974 yake kwaikwayon Ali a gaban idonsa, Ali kuma yana kiransa ƙanensa. Wasan na su biyu ne, mamacin ya amince da shi tun yana raye. Kuma Crystal bai tsaya a ban dariya ba. Ya ba da labarin ranar da Ali ya gayyace shi gudun motsa jiki a filin wani kulob, shi kuma ya ce ba a barin Yahudu shiga can. Ali ya fusata, ya ce ya daina taka wurin. Dariyar ta buɗe zukata, labarin ya shiga, mutane suka sake ganin mutumin da suka rasa.

Akwai kuma labarin 1995, wajen jana'izar mai sharhin wasanni Howard Cosell. Ali ya raɗa wa Crystal tambaya, ko an sa wa mamacin gashin kantin da ya saba rufe sanƙonsa da shi. A ranar, raɗa ce tsakanin mutum biyu, suna danne dariya. Da a lasifika aka faɗe ta, gawa na kwance, 'ya'yansa na kuka, da ta zama cin fuska. Bayan shekara 21, Crystal ya ba da labarin a fili a taron tunawa da Ali.

Mu ma mun san wannan ma'aunin. Idan tsohuwa ta cika da tsufa, jikoki kan tsokane ta a zaman makoki, su tuno faɗanta da rowar goronta, 'ya'yanta su yi murmushi da hawaye a ido, don wasan jika da kaka hakkinsu ne. Amma wanda ya kawo raha gidan da aka rasa matashi a hatsarin mota, kwana ɗaya da binnewa, ya ƙara wa uwa ciwo. Haka labarin da zai tona bashin mamaci, ko rikicin aurensa, ko wani aibin da ya ɓoye: ko an yi dariya, da shi aka yi, kuma ba ya nan ya rama.

A ganina, fuskar iyalan ita ce alƙali. In mai magana ya fara labari, matar mamaci ta ɗago kai tana gyaɗawa, ya ci gaba. In baƙi na baya ne kawai ke dariya, na gaba sun sunkuyar da kai, ya taƙaita, ya koma ga addu'a.