Ka Sayar da Kaya a Intanet, Yaushe Kuɗin Zai Shigo?

A Kantin Kwari, ciniki na faɗawa kuɗi ke shiga aljihu. A kasuwannin intanet irin su Jumia da Konga kuwa, kamfani ne ke karɓar kuɗin mai saye, ya cire nasa, sannan ya turo wa ɗan kasuwa ragowar a ranar da ya tsara. Jiji ba ta cikin wannan sahu, domin a can talla kawai ake sakawa, mai saye da mai kaya su daidaita tsakaninsu.

Inda 'yan kasuwa suka fi ruɗewa shi ne wajen ƙirga kwanaki. Galibi ba daga ranar da oda ta shigo ake fara lissafi ba, daga ranar da kaya suka isa hannun mai saye ne. Ko Amazon takan riƙe kuɗin masu sayarwa kwana 7 bayan ranar isar da kaya, saboda mai saye na iya cewa ya fasa.

Mu ƙaddara Hajiya ta sayar da takalmi a naira 20,000, a kasuwar da ke cire kamisho kashi 10 cikin 100. An cire 2,000 ke nan. Harajin VAT na kashi 7.5 a kan kamishon ya ci 150, kuɗin jigila kuma a ce 600. Abin da ya rage mata 17,250 ne, kuma shi ya kamata ta rubuta a littafinta.

Sai batun rana. A ce kasuwar na riƙe kuɗi kwana 7, tana rufe lissafin mako ranar Lahadi, ta biya ranar Alhamis. Oda ta shigo Litinin 3 ga wata, an kai takalmin Juma'a 7. Wa'adin riƙo zai cika ranar 14, kuɗin ya shiga lissafin Lahadi 16, a biya ta ranar 20. Amma in ɗan aike ya yi jinkiri har Litinin 10, wa'adin sai ranar 17, lissafin wancan makon ya riga ya rufe, sai ta jira 27 ga wata. Jinkirin kwana uku ya jawo mata mako guda.

Don haka kowace oda a ba ta layinta: lambar oda, ranar isar da kaya, abin da ake sa ran karɓa, da ranar biya. In alat ya shigo bai kai lissafi ba, a buɗe takardar lissafin da ke shafin masu sayarwa, a nemi layin da ke da alamar ragi. Sau da yawa kayan makon baya ne aka dawo da su, ko tarar soke oda aka cire. In kuma takardar ta nuna an biya alhali banki shiru, a duba ko lambar asusu da sunan da ke kanta sun yi daidai da rajista, sannan a kai ƙorafi da lambar odar a hannu.